Ƙarfe 2 na Wane Gari? Yadda Aka Gyara Wata Gayyatar Taro ta Imel

Wanda ya taso yana sauraron sashen Hausa na BBC ya saba jin mai gabatar da shiri ya faɗi lokaci sau biyu, da agogon GMT sannan da agogon Najeriya da Nijar, kuma na biyun kullum yana gaba da awa ɗaya. Abin ya zauna mana a kunne tun muna yara. Duk da haka, ranar da aka ce ma'aikaci a Kano ko Maraɗi ya rubuta wa abokan aiki na ƙasashen waje gayyatar taro, sai ka ga ya duba agogon hannunsa, ya rubuta abin da ya gani, ya liƙa masa GMT a baya don saƙon ya yi kama da na manyan ofisoshi. Idan aka haɗa wannan da aikatau na Turanci da aka sa a lokacin da ba nasa ba, mai karatu zai rasa abu biyu a tare: bai san yaushe ne taron ba, kuma bai san ko an riga an yi shi ba.

Ga misali da na harhaɗa daga kura-kuran da suka fi yawa a irin waɗannan saƙonni. A ce wani jami'i ne a wani ofishi a Kano, yana kiran taron kasafin kuɗi da za a yi ta bidiyo. Waɗanda ya gayyata suna Akra, Landan, New York da Nairobi. Ranar Alhamis 5 ga Maris 2026 ya aika musu wannan:

```
Subject: Meeting
The budget meeting held on 10/03/2026 by 2pm GMT,
9am EST, 4pm Nairobi.
We moved it forward from next Monday.
I sent the agenda before the meeting.
Please confirm when you received this message.
```

Abin da ke zuciyarsa ba shi da wuya. Za a yi taron ranar Talata 10 ga Maris da ƙarfe 2 na rana agogon Kano. Da ranar Litinin 9 ga wata aka tsayar, sai aka ɗage da kwana ɗaya. Ajanda tana nan tafe, bai aika ba tukuna. Yana kuma son kowa ya amsa ko zai samu halarta. A cikin waɗannan abubuwa huɗu babu ko ɗaya da saƙon ya faɗa yadda ba za a yi masa wata fahimta ba.

Mu fara da agogo, domin a nan ne ɓarnar ta fi girma. Duniya tana auna lokaci daga ma'auni ɗaya da ake kira UTC. Ga mai shirya taro, UTC da GMT lokaci ɗaya suke nunawa, kuma ba sa motsi rani da damina. Sunan GMT ya fito ne daga Greenwich da ke Landan, inda wani taron ƙasashe da aka yi a Washington a 1884 ya amince a ɗauki layin da ya ratsa wurin a matsayin mafarin awo. Kowane gari yana gaba ko yana bayan wannan ma'auni da wasu awoyi. Kano, Yamai, Njamena da Yawunde suna gaba da awa ɗaya. Akra tana kan ma'aunin daidai. Nairobi tana gaba da awa 3. Saboda haka ƙarfe 2 na rana a Kano ƙarfe 1 ne a ma'aunin duniya, kuma wannan ƙarfe 1 ɗin shi ne ainihin lokacin taron. Daga shi ya kamata a fitar da lokacin kowane gari.

To, sai a dubi abin da jami'in ya rubuta. `2pm GMT` ƙarfe 3 ne a Kano. Abokin aikinsa na Akra, wanda agogonsa GMT ne duk shekara, ba shi da dalilin yin shakka, ƙarfe 2 na garinsu zai zauna gaban kwamfuta ya tarar ana sallama. Abokiyar aikinsa ta Landan ma haka, domin a farkon Maris Birtaniya tana kan GMT. Shi kuwa na Nairobi an ba shi ƙarfe 4, kuma daidai ne, domin jami'in ya san Nairobi tana gaban Kano da awa 2 ya ƙara a kan agogonsa. Ashe a jimla ɗaya an sa lokuta biyu da ba su haɗu ba: ƙarfe 2 na GMT ƙarfe 5 ne a Nairobi. Mai lura zai gane akwai matsala da zarar ya mayar da kowace lamba zuwa UTC ya ga ba su faɗa wuri ɗaya ba. Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi, kuma minti ɗaya ya ishe shi.

Labarin New York ya fi ban mamaki, ya kamata a tsaya a kansa. Jami'in ya samo `9am EST` ne ta cire awa 5 daga ƙarfe 2, domin a lokacin sanyi New York tana bayan GMT da awa 5. Lissafin daidai ne idan taron ƙarfe 2 na GMT ne, amma mun ga ba haka ba ne. Tsakanin Kano da New York a lokacin sanyi awa 6 ne, da ƙarfe 8 na safe ya kamata ya rubuta. Sai dai Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta mayar da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba, tsarin da take bi tun 2007. A 2026 Lahadin nan ta faɗo ranar 8 ga Maris, kwana 3 bayan an aika saƙon, kwana 2 kafin taron. Daga ranar New York ta koma bayan UTC da awa 4 kawai, sunan agogonta ya zama EDT, tazararta da Kano ta ragu zuwa awa 5. Ƙarfe 2 na Kano ranar 10 ga Maris ya zama ƙarfe 9 na safe a New York cif. Kuskure biyu sun ci karo sun kashe juna, lambar da ya rubuta ta fito daidai ba da saninsa ba.

Amma ko wannan sa'ar ba ta tabbata ba. Amurkawa da yawa suna rubuta EST duk shekara, suna nufin abin da agogon bango ya nuna, kuma idan abokiyar aikin ta New York tana cikinsu za ta shiga ƙarfe 9 ta samu taro. Idan kuwa mai bin diddigi ce, za ta ga an rubuta EST, ta ga ya yi daidai da `2pm GMT` da ke gefensa, ta ce to ƙarfe 10 ke nan a agogonta na yanzu, ita ma ta makara da awa ɗaya. Wato wadda ta fi kula ita ce za ta rasa taron. Da kuma taron ya faɗo Talatar da ta gabata, 3 ga Maris, da ko wace fahimta ta ɗauka sai ta makara.

Akwai tarko a nan ko ga mutum mai taka-tsantsan. Da jami'in ya buɗe agogon ƙasashen duniya da ke wayarsa ranar Alhamis da yake rubutu, zai ga New York tana bayansa da awa 6, kuma gaskiya wayar ta faɗa masa, amma gaskiyar ranar Alhamis ce. Tazarar da ake buƙata ita ce ta ranar taron. Wanda ke zaune a ƙasar da ba a sauya agogo yakan manta da wannan, domin a wurinmu ƙarfe 2 na Janairu shi ne ƙarfe 2 na Yuli. Turai kuma ba rana ɗaya take sauyawa da Amurka ba. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura nasu a Lahadin ƙarshe ta Maris, wadda a 2026 ita ce 29 ga wata, su mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tsakanin 8 da 29 ga Maris ke nan akwai mako 3 da tazarar Landan da New York take awa 4 maimakon 5 da aka saba. A ƙarshen shekara ma akwai mako ɗaya irinsa, daga 25 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba. A waɗannan makonni har mutanen da suka shekara suna taro tare sukan saɓa.

Daga 29 ga Maris kuwa wani ruɗanin ke farawa. Agogon Landan yana komawa BST, ya zo daidai da na Kano har zuwa ƙarshen Oktoba. Mutane da yawa, har da ’yan Birtaniya, suna ci gaba da rubuta GMT a wannan lokaci suna nufin agogon Landan. A watan Yuni idan wani daga can ya rubuto maka `2pm GMT`, mai yiwuwa ƙarfe 2 naka yake nufi, ko da yake abin da ya rubuta ƙarfe 3 naka ne. Gara ka tambaya.

Shi ya sa ni ba na goyon bayan gajerun sunayen nan a takardar gayyata ko kaɗan. Ban da sauyin rani da sanyi, wasunsu na gari fiye da ɗaya ne. IST yana iya zama agogon Indiya, na Isra'ila ko na Ailan. CST yana iya zama na tsakiyar Amurka ko na Sin, kuma tsakanin waɗannan biyun awa 14 ne. Sunan gari ba ya yin wannan wasa. Idan ka ce ƙarfe 9 agogon New York ranar kaza, lokaci ɗaya tak ka nuna, ko ana EST ko ana EDT. Wasu suna ganin a rubuta UTC kaɗai kowa ya yi lissafinsa. A tsakanin matuƙan jirgin sama da masu kula da manyan na'urori haka ake yi, kuma ya dace da su. A ofis na kowa da kowa ba na ganin hikimarsa, domin ka ɗora wa mutum biyar lissafin da mutum ɗaya zai yi, kuma kowannensu yana iya kuskure. Abin da ya fi shi ne mai gayyata ya tsayar da lokaci ɗaya a matsayin tushe, na garinsa, ya faɗi tazararsa da UTC, sannan ya jera na sauran garuruwan a ƙasa a matsayin taimako. In aka samu saɓani, kowa ya san wanda za a bi.

Kwanan wata ma ba a bar shi lafiya ba. `10/03/2026` a Kano, Akra, Landan da Nairobi 10 ga Maris ne. Ba'amurke yana fara rubuta wata kafin rana, don haka a idonsa 3 ga Oktoba ne, wadda ta faɗo ranar Asabar. Maganin ba shi da tsada: a rubuta sunan wata da haruffa, a sa sunan rana a gaba. Sunan ranar yana aikin mai gadi, domin idan ka rubuta Talata 11 ga Maris wani zai lura cewa 11 Laraba ce ya tambaye ka kafin lokaci ya ƙure.

Yanzu sai aikatau. Kalmar da ta fi kowace yin ɓarna a saƙon ita ce `held`. Siga ce ta shuɗaɗɗen lokaci, kuma ita ce ake gani a saman rahoton taron da aka riga aka kammala. Ina kyautata zaton daga nan take shigowa gayyata: mutum ya buɗe tsohon rahoto, ya kwafi layin farko, ya sauya kwanan wata. Wanda ya karanta da sauri a waya, ido zai faɗa kan `held` kafin ya kai ga lambobi, sai ya ɗauka labarin taron da ya wuce ake ba shi. Layin ajanda kuma ya ƙarfafa masa wannan zato, domin `I sent the agenda before the meeting` cewa yake na riga na aika ajanda kafin a yi taron. Ta Landan za ta shiga laluben akwatin saƙonninta tana neman ajandar da ba a aiko ba, har ta leƙa inda saƙonnin banza ke faɗawa, sannan ta rubuto tana ba da haƙuri cewa ba ta gani ba. Jami'in `I will send` yake nufi.

A Turancin Najeriya an saba cewa `the meeting will hold` ko `the meeting holds`, kuma a jaridunmu ma ana ganinsa kullum. Baturen Landan zai ji shi baƙo a kunne, domin a wurinsa mutane ne ke yin taro, sai a ce `will be held` ko `takes place`. Amma zai gane cewa taron yana gaba, ba zai rasa komai ba. Ni wannan ba ya cikin kura-kuran da nake ɗaga wa hankali. Awon da nake yi wa kuskuren nahawu a gayyata ɗaya ne: shin zai sa mai karatu ya yi abin da ba shi ake so ba? `will hold` ba zai sa ba. `held` zai sa. Mai gyara da ya ɓata lokacinsa a kan na farko ya bar na biyu bai taimaki kowa ba.

Layin ƙarshe shi ne inda Hausa ta leƙo ta ƙarƙashin Turancin, kuma ya cancanci bayani domin kuskure ne da masu ilimi sosai ma suke yi. Mu idan za mu yi sharaɗi a kan abin da bai faru ba tukuna, sigar abin da ya kammala muke ɗauka. Muna cewa idan kun samu saƙon ku sanar da ni, idan ka isa ka kira ni. Samun da isar duk suna gaba, amma kun samu da ka isa muke cewa, domin a Hausa abin da ake dubawa shi ne aikin farko zai kammala kafin na biyu ya fara. Mai wannan tunani idan ya koma Turanci hannunsa zai kai ga `received`. Turanci kuwa a irin wannan gaɓa, bayan `when`, `if`, `before` ko `after`, sigar yanzu yake so idan maganar ta gaba ce: `when you receive`. Ba ya karɓar `received`, ba ya kuma karɓar `will receive`, wanda shi ne kuskuren da mutum ke faɗawa idan ya gudu daga na farko. Abin da ya sa wannan ya wuce batun ado shi ne jimlar da jami'in ya rubuta daidai take a nahawu, sai dai wata tambaya dabam take yi. `Please confirm when you received this message` na nufin ku faɗa mini lokacin da saƙon ya iso muku. Mai ladabi zai amsa cewa ranar Alhamis da rana ya samu, ya ɗauka ya gama aikinsa, jami'in kuma har yanzu bai san wa zai halarta ba. Ko da an gyara sigar ma, tabbatar da samun saƙo dabam, alkawarin halarta dabam. Abin da ake so shi ya kamata a tambaya kai tsaye.

Saura `We moved it forward from next Monday`. A nan ba sigar aikatau ce ta fi laifi ba, ko da yake `has been moved` ya fi dacewa da sanarwar sauyin da har yanzu yake aiki. Matsalar ita ce su kansu masu harshen ba su daidaita a kan `forward` ba: wasu suna jin an matso da taro kusa, wasu suna jin an tura shi gaba. `next Monday` ma haka, wanda ya karanta ranar Alhamis 5 ga Maris yana iya ɗaukar Litinin 9 ga wata, yana iya ɗaukar ta 16. Abin takaici, duka fahimtar biyu suna tafiya lafiya da ranar 10. Ko an ɗage daga 9 zuwa 10, ko an matso daga 16 zuwa 10. Wanda yake da wani taron kasafi a kalandarsa ranar 16 zai iya share shi. Kalmomi irin su gobe, jibi da mako mai zuwa na baka ne, inda mai magana da mai sauraro suke tsaye a rana ɗaya. Imel kuwa ana iya buɗe shi bayan kwana 3.

Sai ƙaramar kalmar nan `by`. A Najeriya `by 2pm` na nufin da ƙarfe 2. A Turancin sauran wurare wa'adi ne, wato kada a wuce ƙarfe 2. Lokacin fara taro `at` ko `from` yake so. `by` yana da wurinsa a gayyata, wurin da ake cewa a amsa kafin lokaci kaza.

Ga saƙon bayan gyara:

```
Subject: Budget meeting, Tue 10 March 2026, 14:00 Kano time
The budget meeting will be held on Tuesday 10 March 2026,
from 14:00 to 15:00 Kano time, UTC+1.
Accra and London 13:00 / New York 09:00 / Nairobi 16:00
It has been postponed from Monday 9 March.
I will send the agenda on Monday 9 March.
Please reply by 17:00 Kano time on Friday 6 March
to say whether you can attend.
```

Bai fi na farko tsawo sosai ba. Kan saƙon kaɗai ya ishi wanda ba zai buɗe ba. An yi amfani da ƙidayar awa 24, wadda ke kawar da rikicin safe da yamma, musamman na ƙarfe 12 da mutane da yawa ba su tabbatar ko `am` ne ko `pm` ba. An faɗi lokacin tashi, kuma wannan ba ƙawa ba ce. Idan New York tana buɗe ofis ƙarfe 9 na safe, Nairobi tana rufewa ƙarfe 5 na yamma, awa ɗaya tak suke tarayya a wannan rana, daga ƙarfe 2 zuwa 3 na Kano. Taron da ya zarce da minti 30 ya ci lokacin tafiya gida na mutumin Nairobi. Mutanen Kano kuma sai su sallaci Azahar kafin a zauna, tunda ba a da damar matsar da taron. Kowane aikatau yanzu yana nuna matsayin abu: taro yana gaba, ɗagewa ta riga ta tabbata, ajanda tana tafe ranar kaza. Wa'adin amsa ma an sa masa sunan gari, domin ƙarfe 5 na Kano ranar Juma'ar nan ƙarfe 11 na safe ne a New York, kuma wanda aka ce masa ya amsa kafin a tashi aiki zai ɗauka tashin garinsu ake nufi.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mene ce, ai manhajar kalanda tana yi wa kowa lissafi. Gaskiya ne, kuma ya kamata kowace gayyata ta tafi da ita. Outlook da Google Calendar suna nuna wa kowane mai karɓa lokacin taro da agogon garinsa, har da sauyin rani da sanyi. Sai dai manhaja tana dogara ne da yankin lokacin da aka saita mata, kuma a nan ne kwamfutocinmu suke ba mu kunya. Da yawansu na hannu ne da aka shigo da su daga waje, ko kuma wanda ya ɗora musu Windows bai taɓa yankin lokaci ba, ya dai gyara agogon da hannu har ya yi daidai da na bango. A fuska komai lafiya. A ciki kuwa kwamfutar tana ganin tana gaɓar yammacin Amurka. Jami'in zai zaɓi ƙarfe 2, kwamfuta ta ɗauka ƙarfe 2 na Los Angeles ne, abokin aikinsa da ke tebur na kusa ya samu gayyatar taron ƙarfe 10 na dare. Akwai kuma wanda zai ga jerin da ya fara da `Amsterdam, Berlin` an rubuta masa UTC+01:00 ya zaɓa, tunda lambar ta yi daidai da tamu. Zai zauna lafiya har ƙarshen Maris, sannan agogonsa ya yi tsalle da awa ɗaya tare da na Jamus. Abin da ya dace da Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru a Windows shi ne `West Central Africa`, a manhajojin da ke amfani da sunayen birane kuma `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`. Hanyar ganewa ita ce ka aika wa kanka gayyatar ka buɗe ta a waya, wadda yawanci daga layin sadarwa take ɗaukar lokacinta. Idan waya da kwamfuta suka saɓa, kada ka aika wa kowa sai ka gyara. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake rubuta lokacin da haruffa a jikin saƙo duk da akwai kalanda: idan biyun suka bambanta, mai karɓa zai ga alama ya yi tambaya.

Idan taron na mako-mako ne, akwai shawarar da dole a yanke tun farko, wato agogon wane gari ne zai tsaya. Manhaja tana riƙe lokacin yankin da aka ƙirƙiri taron a cikinsa, sauran su motsa. In jami'in Kano ne ya ƙirƙira, ƙarfe 2 nasa ba zai gusa ba, haka na Akra da Nairobi. Ta Landan kuwa daga Talata 31 ga Maris taronta zai tashi daga ƙarfe 1 ya koma ƙarfe 2, ta New York kuma a watan Nuwamba zai koma mata ƙarfe 8 na safe. In kuwa ta Landan ce ta ƙirƙira a kan ƙarfe 1 nata, mutanen Kano ne za su wayi gari a ƙarshen Maris su ga taronsu ya dawo ƙarfe 1, daidai lokacin da ake shirin salla. Babu zaɓin da zai bar kowa a inda yake, don haka gara a faɗa a gayyatar farko.

Ba sai da Turanci ake faɗawa wannan rami ba. Ƙungiyar da ke da mambobi a Kano, Kumasi da Khartum tana iya rubuta gayyatarta da Hausa tsantsa ta ce bayan La'asar, alhali La'asar ɗin kowane gari da lokacinta. Ƙarfe 2 na Kano ƙarfe 1 ne a Kumasi, ƙarfe 3 a Khartum, kuma wanda ya daɗe bai duba ba yana iya cewa 4, domin sai a Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya. An ɗaga taro ma yana buƙatar daga yaushe zuwa yaushe.

Idan kuma saƙo mai kuskure ya riga ya fita, kada a aika sabo shiru kamar ba a yi na farko ba, domin mutane za su riƙe biyu su rasa na bi. A sa `Correction` a farkon kan saƙon, a faɗi abin da aka rubuta da farko da abin da ya maye gurbinsa a jimla ɗaya, a ambaci waɗanda gyaran ya shafa, a misalinmu Akra da Landan, cewa ƙarfe 1 ne nasu. A kalanda kuma a gyara gayyatar da ke nan, kada a ƙirƙiri wata, in ba haka ba tsohuwar za ta ci gaba da buga wa mutane ƙararrawa a lokacin da ba shi ba. Kai da za ka aika gayyata a watan Maris ko ƙarshen Oktoba, duba tazarar ranar taron kafin ka danna aikawa, sannan ka karanta kowane aikatau ka tambayi kanka ko abin da yake faɗa ya faru ko yana tafe.